Tan Nawa Ruwan Bakolori Ke Tura Bangonsa?

Lacca ce da wani injiniyan ruwa ya gabatar ga ɗaliban fasaha da manoman rani a Talata Mafara.



Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato cikin ƙasar Maradun, an yi ta ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 450. Galibinta tarin ƙasa ce mai tsawon kusan kilomita biyar da rabi, a tsakiya kuma akwai ginin kankare mai tsawon mita 360 da tsayin mita 48. Duk wanda ya tsaya a kanta ya hangi ruwa iya ganinsa, abin da zai zo masa a rai shi ne dukan wannan tafki ne ya jingina da bangon. Ba haka ba ne. Da za a gina wani bango taku goma kacal a bayan na farko, a cika tsakaninsu da ruwa har zurfin ya yi daidai da na tafkin, turin da bangon zai ji ba zai ragu da ko kilo ɗaya ba. Ruwan da ke kwance ba ruwansa da nisan da ya miƙa a baya. Zurfinsa kawai yake aiki da shi. Simon Stevin, wani masanin lissafi ɗan garin Bruges, ya bayyana wannan tun 1586.

Dalilin yana cikin nauyin ruwan kansa. Kubik mita ɗaya na ruwa tan ɗaya ne. Saboda haka a zurfin mita ɗaya, kowace murabba'in mita tana ɗauke da tan ɗaya. A zurfin mita goma, tan goma. Ruwa kuma ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yadda yake danna gindin tafki haka yake danna bango ta gefe a wannan zurfin. A rubuce, matsin shi ne p = ρgy, inda y ke nufin zurfi daga saman ruwa, ρg kuma kusan 9.81 kN/m³.

To, ga inda gizo ke saƙar. Matsin ba ɗaya ba ne daga sama har ƙasa: a saman ruwa sifili ne, a gindi ya fi ko'ina yawa. Wanne za a ɗauka a ninka da faɗin bango? Babu ko ɗaya. Sai dai a yanka bangon a kwance, siri-siri, kowane yanki mai faɗin w da kaurin dy, ƙanƙane har matsin da ke samansa da na ƙasansa su zama kusan ɗaya. Turin da ke kan yanki guda shi ne matsinsa sau girman fuskarsa. Daga nan a tara na dukan yankunan, daga saman ruwa zuwa gindi mai zurfin H, wanda shi ne aikin da alamar ∫ ke yi:

```
dF = ρ g y w dy
F = ∫₀ᴴ ρ g y w dy = ½ ρ g w H²
```

Wanda bai yi kalkulas ba bai yi asara ba. Ya zana matsin a takarda, zai ga alwatika mai tsini a sama da gindi a ƙasa, kuma girman alwatika rabin gindi ne sau tsayi. Daga nan rabin ya fito. A taƙaice, a kan kowace mita ɗaya ta faɗin bango, a ninka zurfi da kansa, a raba biyu, amsar tan ce.

A gwada da Bakolori. Ruwa ba ya kai wa ƙololuwar gini, don haka a ɗauki zurfin mita 40 a matsayin misali. Arba'in sau arba'in 1,600, rabinsa tan 800. Wato kowace mita guda ta faɗin bangon tana tare turin da ya kai kayan tirela 27 masu ɗaukar buhun siminti ɗari shida-shida. Idan rani ya yi nisa ruwan ya sauka zuwa mita 20, turin ba rabi yake komawa ba, tan 200 ne, kashi ɗaya cikin huɗu. A ɗaya gefen kuma, in ruwan Agusta ya ɗaga tafkin daga mita 40 zuwa 42, ƙarin zurfin kashi biyar ne cikin ɗari, amma turin ya tashi zuwa tan 882, ƙarin kashi goma. Shi ya sa mai kula da dam ke sa ido a kan ma'aunin zurfi fiye da komai.

Sanin yawan turin bai wadatar ba, sai an san inda ya taru. Tunda nauyin alwatikar yana ƙasa, cibiyar turin tana kashi ɗaya cikin uku na zurfin daga gindi, wato wajen mita 13.3 a misalin nan. Turin sau wannan tazara shi ne ƙarfin da ke neman kifar da bangon, kuma shi da H³ yake tafiya: waɗancan mita biyu na Agusta sun ƙara shi da kusan kashi 16 cikin ɗari. Wannan ne ya sa gindin dam ke da kauri, samansa siriri.

Manoman shinkafa na Bakura da Mafara sun fi sanin lissafin nan da hannuwansu, a ƙofofin ƙarfe na magudanan ban ruwa. A ɗauki ƙofa mai faɗin mita ɗaya da rabi, ruwa ya taru a bayanta har mita biyu. Biyu sau biyu huɗu, rabinsa biyu, sau ɗaya da rabi: tan uku. Ɗalibi mai gaggawa yakan ɗauki matsin gindi ya ninka da dukan fuskar ƙofar, ya sami tan shida, ninki biyu daidai. Duk wanda amsarsa ta fito haka, rabin ya manta. Cibiyar turin tana wajen santimita 67 daga ƙasa, don haka maƙerin da ya jera ƙarafan tokare a tazara ɗaya daga sama har ƙasa ya ɓata ƙarfe a sama, ya bar ƙasa da rauni. Alamar ita ce cikin ƙofar ya bulluƙo daga ƙasa.

Tan ukun nan su ne kuma ke manne ƙofar da ramin da take zamewa a ciki. Idan gogayyar ƙarfe da ƙarfe ta kai kashi 40 cikin ɗari na turin, sai an ja da ƙarfin tan 1.2 kafin ta motsa, ban da nauyinta, ban da tsatsa. Idan kuwa akwai ruwan mita ɗaya a ɗaya gefen, shi ma yana turowa da kashi uku cikin huɗu na tan, sai abin da ya rage ya zama tan 2.25. Ƙofa takan yi sauƙin ɗagawa in ruwan ɓangarorin biyu ya kusa daidaita.

Lissafin yana da iyaka. A gangaren tarin ƙasa na Bakolori har yanzu yana ba da turin gefe daidai, amma sai an ƙara nauyin ruwan da ke zaune a kan gangaren, wanda ke danna shi ƙasa. Lakar da gulbi ke jibgewa a gindin bango tana da nata turin a kan na ruwa. Mafi haɗari shi ne ruwan da ke tsiyaya ta ƙarƙashin tushe yana tura ginin sama, ya rage masa nauyin da yake dogaro da shi. Matsin ruwa irin wannan cikin dutsen tushe yana cikin abin da ya karya madatsar Malpasset ta Faransa a Disambar 1959, mutum fiye da 400 suka rasu. Don haka ake haƙa ramukan tsane ruwa a tushen madatsun kankare, ana kuma auna abin da ke fita ta cikinsu: in ya ƙaru alhali tafkin bai ƙaru ba, ko ya fara fitowa da laka, to a kira injiniya a ranar.