Yadda ake rataya ƙofar ƙarfe don kada ta sunkuya

Yau maganarmu a kan ƙofar ƙarfe ce, irin ta wurin rigakafin shanu ko ta rumbun dussa. Bara munka je rigakafi wani ƙauye, munka tarar ƙofar tana jan ƙasa, ba ta rufuwa. Wani bijimi ya ture ta, garke ya watse, aikin yini guda ya lalace. Kowa ya ce laifin mai walda ne. Da na rataya dutse da igiya a jikin ginshiƙin, sai munka ga shi ne ya karkata.

Ga dalili. Faɗin ƙofar mita 3 ne, nauyinta kilo 60. Nauyin nan ba ƙasa kawai yake dannawa ba, yana fizgar maratayin sama dare da rana. In tsakanin maratayin sama da na ƙasa mita 1 ne, fizgar ta kai kilo 90. In an matse su zuwa rabin mita, sai ta zama kilo 180. To kun gani, a nisanta su: ɗaya can sama, ɗaya can ƙasa.

Sai ginshiƙi. A samu bututun ƙarfe mai kauri, faɗin bakinsa santimita 10. A ƙasarmu mai rairayi, ramin ya kai zurfin mita 1, faɗi rabin mita. A kwaɓa siminti awo 1, yashi awo 2, tsakuwa awo 3. Kafin ya kama, a daidaita ginshiƙin da igiya da dutse ta gefe biyu. A riƙa ba shi ruwa kwana 7 kafin a ɗora ƙofa. Wanda ya rataya ta washegari ya yi asarar simintinsa.

Ita kanta ƙofar tana son ƙarfe guda a gicciye, daga kusurwar sama ta wajen maratayi zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata. Shi ke riƙe bakinta. Ranar ratayawa a tokare bakin da bulo, ya ɗara daidai da yatsa guda, sannan a yi walda. In an cire bulon sai ta zauna daidai. A kafa dutse inda bakin zai huta in an rufe, kuma a hana yara lilo a kanta.

In taku ta riga ta sunkuya, ku fara da igiya da dutse. In ginshiƙi na tsaye, ku auna ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwa, ta nan da ta can. Awo biyun in sun bambanta, ƙofar ce ta karkace, a ƙara mata gicciye. In sun yi daidai, ku ɗaga bakinta. Kun ji tana wasa, to maratayi ya cinye, a canza shi, a riƙa sa masa baƙin mai.

Allah ya ba da albarkar kiwo.