Tashar YouTube Ma Sana'a Ce: A Riƙa Lissafi

Wannan shi ne jawabin da wani malamin sana'a ya yi wa matasa masu buɗe tasha a YouTube.

Malamin ya ce mai tasha kamar mai tireda ne. Idan ba ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, sai ya cinye uwar kuɗi yana zaton riba yake ci. Don haka ya nemi kowa ya sayi littafi, ya raba shafi biyu.

Ya kawo misali da wani saurayi mai nuna aikin gona a tasharsa. A wata yana sayen data ta naira 10,000. Caji yana cin naira 5,000, kuɗin mota zuwa gonaki naira 9,000. Wayarsa ta naira 144,000 ce, kuma za ta yi shekara biyu, wato wata 24. Idan aka raba, kowane wata yana cin naira 6,000 daga jikin wayar. Wannan ne mutane suka fi mantawa, sai ranar da waya ta mutu. Jimlar kashewa ta zama naira 30,000.

Daga nan ya juya kan abin da ke shigowa. Ya ce YouTube ba ta fara raba kuɗin talla sai tasha ta cika sharaɗi. Hanyar da aka fi bi ita ce samun mabiya 1,000 da kallo na awa 4,000 cikin wata 12. Kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Duk abin da aka kashe kafin nan jari ne, a rubuta shi.

Mai tasha zai ga abin da kallo 1,000 ke kawo masa a YouTube Studio, wurin da aka rubuta RPM. A ce na saurayin nan ya kama naira 600. Sai a raba 30,000 da 600, a sami 50. Ke nan sai an yi masa kallo 50,000 a wata kafin ya tashi ba riba ba faɗuwa. Idan kallo 20,000 ya samu, naira 12,000 ce ta shigo, ya faɗi da 18,000.

Amma idan mai shagon taki ya biya shi naira 12,000 a wata don ya tallata masa kaya, kallo 30,000 ya isa ya mayar da kuɗinsa.

A ƙarshe malamin ya ja kunne kan yin hasashe da watan da bidiyo ɗaya ya yi farin jini. Ya ce a duba wata uku da suka wuce, a ɗauki mafi ƙanƙanta, a yi lissafin watan gobe da shi.