Yadda Ake Rage Bayanin Hoto Ba Tare Da An Rage Gaskiya Ba



Maganata a yau a kan layi biyu ce ko uku, waɗanda ake sakawa a ƙasan hoto a jarida ko mujalla. Mai karatu yakan fara da hoto, ya sauko kan bayaninsa, sannan ya yanke shawarar ko zai karanta labarin. Da yawa a nan suke tsayawa. Ke nan abin da muka rubuta a ƙasan hoton shi kaɗai za su tafi da shi gida.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Duk mun san ambaliyar da ta sami Maiduguri a watan Satumban 2024. A ce hoto ya iso teburin edita daga can: mutane a cikin ruwa har ƙugu, wani da katifa a kai, wata da goyo da ƙullin kaya. Wakili ya haɗo da wannan bayani:

"Wannan hoto yana nuna wasu mutane maza da mata da yara ƙanana cikin tsananin baƙin ciki da tashin hankali, suna tafiya a cikin ruwa ɗauke da kayansu a kai, a unguwar Gwange da ke cikin birnin Maiduguri, babban birnin jihar Borno, a ranar Talata 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, bayan da madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda, ta ɓalle sakamakon sakacin hukuma, lamarin da ya jawo mummunar ambaliyar da ba a taɓa ganin irinta ba tun shekarar 1994, har ruwa ya shiga fadar Shehun Borno da gidan namun daji."

Kalma sama da 90 a jimla ɗaya, ga shi mai tsara shafi ya ce gurbin ba zai ɗauki fiye da 30 ba. Sabon edita yakan kama daga wutsiya ya yi ta yankewa har abin ya shiga gurbi. Da labari ne, da ba laifi, tunda akan rubuta labari ne da mafi muhimmanci a sama. Amma ku gwada a nan. Kalmomi 30 na farko suna ƙarewa ne kafin a ambaci Gwange. Babu gari, babu rana, babu Alau. An jefar da duk abin da mai karatu yake buƙata, an bar masa abin da idonsa ya riga ya gani.

Don haka kafin a taɓa alƙalami, a rufe rubutun a kalli hoton shi kaɗai, a tambayi kai: me wannan hoto ya kasa faɗa da kansa? Ya nuna ruwa, ya nuna kaya, ya nuna goyo. Bai faɗi ko ina ne ba, bai faɗi yaushe ba, bai faɗi abin da ya kawo ruwan ba. Waɗannan su ne aikin bayanin. Shi ya sa kamfanonin dillancin labarai irin su AP suke da tsari mai sauƙi: jimlar farko ta faɗi wane ne, yana me, a ina, yaushe, ta biyu, idan akwai buƙata, ta faɗi dalilin da hoton ya zama labari, sai sunan mai hoton.

Da wannan ma'auni, rabin aikin ba ya cin lokaci. "Wannan hoto yana nuna" ya tafi, kowa ya san hoto ne. "Maza da mata da yara" ya tafi. "Babban birnin jihar Borno" ya tafi, domin mai karanta jaridar Hausa ba baƙon Maiduguri ba ne. Talata da "watan" da "na shekarar" duk cikon baki ne. Fadar Shehu da gidan namun daji kuwa labari ne na gaskiya, amma ba sa cikin hoton, sai su koma cikin rahoto.

Inda nake so mu dakata shi ne wurare biyu da ba don tsawo za a cire su ba. Na farko, "cikin tsananin baƙin ciki da tashin hankali". Kyamara ba ta ɗaukar zuciya. Idan fuskokin sun nuna damuwa, mai karatu ya gani. Idan ba su nuna ba, mu ne muka ƙaƙaba musu. Mutanen da suka rasa gidajensu suna da haƙƙi kada mu yi musu kukan da ba su yi ba. Na biyu ya fi nauyi: "sakamakon sakacin hukuma". Wannan zargi ne. A cikin rahoto akwai fili a ce wane ya yi zargin, wane ya musanta, ga abin da masana suka ce. A layi biyu babu wannan fili, kuma da zarar an cire "a cewar" saboda ƙarancin wuri, zargin ya zama hukuncin jarida. Ra'ayina shi ne, duk maganar da ba za ta tsaya ba sai da madogara, ko dai ta shigo da madogararta, ko a bar ta a waje baki ɗaya.

Ga abin da ya rage:

"Mazauna Gwange a Maiduguri na ficewa da kayansu ranar 10 ga Satumba, 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau. Rabon birnin da irin wannan ambaliya tun 1994."

Kalma 26. Amma ku lura da abin da taƙaitawa ta jawo. Wakili ya ce "wasu mutane", mu mun ce "mazauna". Mun sami kalma mai ƙarfi, tare da ita kuma mun ɗauko wata da'awa da babu ita a asali. Ta yiwu 'yan wata unguwa ne suke ratsawa ta Gwange. A kira mai hoton a tambaye shi. In bai tabbatar ba, a koma "mutane na ficewa da kayansu a unguwar Gwange". Haka ma "bayan": kalmar tana faɗin abin da ya riga wani ne kawai, kuma ta isa. Na bar jimla ta biyu domin ita ce ke nuna girman abin, amma idan gurbi ya ƙara matsewa, ita za ta fara tafiya, ba rana ba.

Wani zai ce me zai hana a rubuta "Ambaliyar Maiduguri" a huta? Wannan lakabi ne, ba bayani ba, kuma yana da haɗari. Hoto yakan rabu da shafinsa. Badi da damina sai wani ya ɗauko shi ya yaɗa a wayoyi cewa yau abin ya faru, hankalin masu 'yan'uwa a can ya tashi. Kwanan wata shi ne abin da zai ƙaryata shi. Idan kuma mu da kanmu muka sake amfani da hoton nan gaba, wajibi ne mu rubuta cewa tsohon hoto ne.

Ta yaya za a gane an yi daidai? A miƙa hoton da bayaninsa ga wani a ofis wanda bai karanta labarin ba, a ce ya faɗi abin da ya faru. In ya ambaci wuri da lokaci da sanadi, an gama. In ya faɗi wani abu da ba ya cikin rubutun wakili na farko, to almakashi ya ƙara abin da ba nasa ba.

Roƙona ga malaman aikin jarida shi ne su riƙa ba ɗalibai wannan atisaye da hotuna na gaske, da gurbi ƙayyadadde. Ku kuma editoci, ku daina barin bayanin hoto sai daf da tura shafi ɗab'i. Ku ajiye rubutun wakili na asali a gefe, ku gwada shi da naku kafin ku sa hannu.