Batirin Da Ke Mutuwa A Zaune: Jawabin Da Muka Yi A Taron Masu Kula Da Kayan Ikilisiya A Ƙasar Daura



Za mu soma da abin da ya same mu a wani ƙauye da muke aiki. Jama'a sun yi karo-karo sun sayi tsohuwar mota domin kai marasa lafiya asibiti a Daura, aka kuma saya mata sabon batir. Motar ba ta fita sai ta kama. Bayan kaka ta yi kusan wata biyu a ƙarƙashin rumfa ba wanda ya taɓa ta. Wata rana da tsakar dare naƙuda ta kama wata 'yar'uwa, direba ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas kawai aka ji. Da turi aka tayar da ita a cikin yashi, matasa shida suna haki. Allah ya kiyaye, an isa lafiya. Washegari kowa ya ce mai shago ne ya sayar mana da jabu. Mu ma haka muka zata, sai da muka auna muka gane laifin namu ne. Batirin bai kai wata takwas ba, zama ne ya kashe shi.

A cikin batirin mota, ko na babur, ko na janareta mai makulli, akwai faranta na dalma da ke jiƙe cikin ruwan asid. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, asid ɗin yana haɗuwa da dalmar ya zama wani farin gishiri a jikin farantan, wanda masana ke kira salfet. Wannan ba lahani ba ne, haka batir yake aiki. In aka yi masa caji da wuri, gishirin ya narke ya koma asid. Matsalar tana zuwa in aka bar shi da ragin caji mako bayan mako. Gishirin yana daskarewa ya yi tauri, kamar yadda siminti ke kamewa in an bar shi a kwano, caji ba ya iya narkar da shi kuma. Duk inda ya rufe a jikin faranti, wurin ya daina aiki. Wannan daskarewar ita ake kira salfeshan. Batirin zai yi kamar ya cika da sauri, ya kuma zube da sauri, domin cikinsa ya ƙanƙance.

To, me ke shanye wutar alhali mota a kashe take? Abu biyu ne. Na farko, batir yana zubar da cajinsa da kansa ko ba a jona shi da komai ba, kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata in wuri na da sanyi-sanyi. Zafi yana ƙara gudun wannan zuba, kusan ninki biyu duk lokacin da zafin ya ƙaru da digiri 10. Ku tuna yadda ƙasar Daura take a watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, balle cikin ɗaki mai rufin kwano. Na biyu, mota tana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan domin agogo, rediyo da na'urar da ke sarrafa inji.

Ga lissafin motarmu. Ƙarfin batirin 60 ne, a jikinsa an rubuta 60Ah, wato kamar tulu mai cin kwano 60. Da muka auna, motar tana tsotsar kusan kashi bakwai cikin goma na kwano a kowace rana. A kwana 30, kwano 21 ke nan ko ɗan fiye, sama da sulusin tulun. A wata biyu kwano 42, ga kuma wanda zafi ya zubar. Ashe tun kafin wata na farko ya ƙare gishirin ya soma kamewa, ba mu sani ba.

Ana iya ganewa tun da wuri da ƙaramar mita ta masu gyaran rediyo. A juya ta zuwa DC 20V, a ɗora jan tsinke a kan alamar +, baƙin a kan alamar −. Amma a bari batir ya huta, ya fi kyau a auna da safe kafin a kunna komai, domin wanda aka cire daga caji yanzu-yanzu yana nuna abin da ba shi da shi. In mita ta nuna 12.6 ko sama da haka, batir a cike yake. In ta nuna 12.4, wajen rubu'i ya tafi, kuma wannan ita ce iyakar da ba ma so a sauka ƙasa da ita. A 12.2 rabi ya tafi. Namu 11.9 ya nuna a safiyar nan.

Akwai al'adar da muka tarar a wurare da dama, ta tayar da mota ko janareta minti biyar ko goma a mako, a ce ana ɗumama batir. A ganinmu wannan sau da yawa asarar fetur ce. Tayar da inji yana cin wuta mai yawa a lokaci ɗaya, minti goma a tsaye kuma da ƙyar yake mayar da abin da aka ci, balle na makon da ya wuce. Janaretan majami'a da ake kunnawa awa biyu ranar Lahadi ma haka ne, domin cajin da yake ba batirinsa ɗan kaɗan ne.

Maganin shi ne ƙaramar caja mai lura da batir, wadda ake kira mentena. Ta bambanta da babbar cajar mai shagon caji, wadda ke tura wuta ba tsayawa sai mutum ya cire. In an manta da batir a kan irin wannan, ruwansa zai tafasa ya ƙone, farantan su lalace. Ita mentena tana auna batirin da kanta. Tana cika shi har ya kai wajen 14.4, ta riƙe shi a nan har ya ƙoshi, sannan ta sauko wajen 13.2 zuwa 13.6 ta riƙa ɗiga masa daidai abin da yake zubarwa. Saboda haka ana iya barin ta a jone watanni, kuma tun da batirin kullum a cike yake, gishirin ba ya samun zarafin daskarewa.

Wajen saye, a duba ƙarfinta. Batirin babur irin Bajaj ko Jincheng da na ƙaramin janareta ƙanana ne, caja mai 0.75A zuwa 1A ta ishe su, mai ƙarfi da yawa za ta dafa su. Na mota yana ɗaukar mai 1A zuwa 5A. A tabbata ta 12V ce. In tana da maɓallin zaɓi, a daidaita shi da irin batirin: mai ruwa, ko rufaffe wanda aka rubuta wa AGM. Kada a saka batirin dalma a kan zaɓin batirin litiyam. Wani abu da ya shafe mu ƙwarai: a gwada ta a shago, a zare ta daga soket a mayar. Muna son wadda ke ci gaba da aiki da kanta in wuta ta dawo, domin akwai waɗanda sai an sake danna maɓalli, kuma mun san yadda wutar Nepa ke zuwa tana tafiya.

Wajen jonawa, ja a kan +, baƙi a kan − ko a jikin ƙarfen motar nesa da batir, sannan a ƙarshe a sa a soket. Wajen cirewa, soket ne farko. Batir yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, don haka a bar taga a buɗe, ban da taba, ban da fitilar ƙwai ko garwashi kusa, kuma kada a ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana.

Mun san abin da wasunku ke cewa a zuci: mu da ba mu da wuta a ƙauyenmu fa? Haka ƙauyen motar nan yake. Abin da muka yi shi ne ƙaramin faifan sola mai wat 10 a kan rumfar, tare da 'yar na'urar daidaita caji da ake kira kwantirola. A rana mai haske faifan yana ba da wajen kwano biyu da rabi, motar kuwa ba ta shan ko ɗaya cikakke, kun ga akwai rara. Kwantirola ita ce ke yin aikin lura. Kada a yi rowa a bar ta, domin faifan shi kaɗai yana iya tura wuta har wajen 20, ya ƙone ruwan batir sannu a hankali. Ana jona kwantirola da batir tukuna, sannan faifan. Lokacin hunturu ƙura tana rufe faifan, sai a sa wani yaro ya riƙa gogewa da tsumma kowane kwana biyu ko uku.

Wanda ba shi da halin ko ɗaya, ya kwance wayar − daga batir in zai ajiye abin hawa. Wannan zai tsayar da tsotsar mota, amma ba zai hana zubar da zafi ke jawowa ba. Sai ya riƙa aunawa, ya kai caji duk wata, ko da zarar mita ta nuna 12.4.

Mentena ba ta tayar da matacce. Wasu suna da zaɓin gyara, a allonsu za a ga RECOND ko REPAIR. Yana taimakon batirin da bai daɗe da sauka ba, amma wanda ya yi wata shida a zube, kada a sa rai. Tsohon batirin motarmu mun bar shi kwana biyu a kan caja, ya nuna 12.6, muka yi murna. Da direba ya murɗa makulli sai mita ta faɗi ƙasa da 9, alhali mai lafiya ba ya sauka ƙasa da 9.6. Dole muka sayi wani. In kuma batir ya tsaya a wajen 10.5 bayan an yi masa caji, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ne ya mutu, wannan ba salfeshan ba ne. Wanda ya kumbura, ya yi zafi ƙwarai, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, a cire shi daga caji nan take.

Saura maganar ruwa. Batir mai murfi, ko yana kan mentena, a buɗe a duba shi duk wata, musamman da bazara. Ruwan ya rufe farantan, domin duk inda ya bushe yana lalacewa. A ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba kawai. Ban da ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda, saboda ma'adinan da ke cikinsu. Ban da ƙarin asid kuma, ko da mai caji ya ce zai ƙara masa ƙarfi, domin ruwa ne ke ƙonewa, asid ɗin yana nan.

Muna roƙon kowace ikilisiya ta ba mutum ɗaya wannan aiki, da ɗan littafi a rataye kusa da mota ko janareta. Ranar Asabar ta farko a wata ya zare caja da yamma, da safe ya auna ya rubuta lambar da kwanan wata, sannan ya mayar da ita. Mun zo da mita biyu da caja ɗaya, ga kuma tsohon batirin nan a bakin ƙofa. Bayan an ci abinci, kowa ya zo ya auna da hannunsa.