Jawabi Ga 'Yan Gwari: A Duba Hoton Tumatir Kafin A Biya

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Sabo, yanzu yawancinmu a hoton waya muke ganin tumatir daga Kadawa kafin mu tura kuɗi. To, me za mu duba?

Da farko iri. Ɗan Yutisi gajere ne, mai kauri, kamar ƙwai. Ɗan Roma ya fi shi tsawo, ya tsuke wajen hanci. Mai faɗi da tsaga-tsaga kuwa ruwa ne da shi, ba ya jure hanya.

Na biyu nuna. Mota takan yi kwana biyu ko uku kafin ta iso Ibadan. Wanda ya yi jawur a hoto, kafin a sauke ya zama ɓaras. Wanda muke so shi ne mai ruwan ɗorawa da ya fara ja daga ƙasa, wajen hancin da sauran kore.

Amma fa hasken ƙwan lantarki yana ƙara ja, kuma saman kwando zaɓe ne. Saboda haka mu ce a juye kwando ɗaya a inuwa da rana, a yanka guda biyu, sannan a ɗauka. In mun ga ƙananan huji wajen hanci, tsutsa ce, kada mu biya.

Allah Ya ba mu kasuwa. Wassalamu alaikum.