A ƙirga kaya kafin a sa hannu: jawabin wata 'yar kasuwa a bikin cikar shekarar ƙungiya

An ce in yi magana a kan abin da za a yi idan dila ya rubuto kuɗin kayan da sunka fi waɗanda anka sauke muna.

Kowane sari yana da takarda ukku. Akwai odar da munka bayar, akwai takardar rakiyar kaya da direba ke riƙowa, sai takardar kuɗi da dila ke aikowa. Kashi biyun farko su ke gaskata ta ukku. Wadda ta sa hannu a takardar direba ba ta ƙirga ba, ta shaida da kanta cewa kaya sun cika. In ta koma gobe da ƙorafi, hannunta za a nuna mata.

Ga misali daga sarinmu. Mun yi odar taliya kwali 40 wurin wani dila a Sakkwato, kowane kwali naira 18,000, jimla naira 720,000. Mota ɗaya ta ɗauko. Za ta aje 25 a Bodinga, ta wuce da 15 Shagari, tunda hanya ɗaya ce. Da ta iso Shagari anka ƙirga, sai ga kwali 12. Ukku babu, wato naira 54,000 daga kuɗin zubin mata.

Abu na farko, ba mu kira dila ba. 'Yan uwanmu na Bodinga munka kira, munka ce su sake ƙirga nasu, don in mota na sauke kaya wuri biyu, sau da yawa rarar tana wuri na farko. Sunka ce 25 ne cif. To, yanzu mun san 37 ne a hannunmu.

Na biyu, ba mu bari mota ta tashi ba. A jikin takardar direba, sama da wurin sa hannu, na rubuta: an karɓi kwali 12 maimakon 15, saura 3. Na sa kwanan wata, direba ya sa hannu, babban 'yan dakon da sunka sauke kaya ya dangwala yatsa. Wanga rubutu bai fi ƙarfin duk wadda ta zauna ajin yaƙi da jahilci ba. Munka ɗauki hoton takardar da na kayan a jere, munka tura ma dila ta WhatsApp nan take. Direba bai yi gardama ba, don mun gaya mai ba mu ce ya ɗauka ba, abin da ido ya gani munka rubuta.

Na ukku, magana da dila. Ban ce ya cuce mu ba. Cewa na yi: "Alhaji, takardarka ta ce 40, mu 37 munka gani. Don Allah a duba littafin sito, nawa anka loda?" Ya ce mu biya duka, zai cika muna a lodi na gaba. Na ce ya yi haƙuri, kuɗin jama'a ne, ba ni da ikon biyan abin da bai shiga littafinmu ba. Munka tura naira 666,000, munka rubuta mai cewa kuɗin kwali 37 ne. Kar ku riƙe kuɗin duka don fushi. In kun riƙe, magana ta tashi daga kayan da ba su cika ba, ta koma bashin da kunka ƙi biya. Bayan kwana biyu ya kira da kansa, yaran sito 37 sunka loda. Munka nemi ya soke tsohuwar takarda ya rubuto sabuwa, don kar 54,000 ta zauna a littafinsa a matsayin bashi.

Amma hwa ku lura da iyakar wanga hanya. Motar dila ce ta kawo, shi ya sa nauyi ke kansa har kaya su iso. Da mu munka ɗauki shatar mota, wakiliyarmu ta ƙirga 40 a bakin sito ta sa hannu, to dila ya fita, sai mu da direba da ƙungiyarsu ta tasha. In kuwa dila ya kafe duk da takarda da shaidu, a kai ma shugabannin kasuwarsu kafin a yi zancen kotu.

Kuma ƙirga kwali kaɗai bai isa ba. Kwalin taliya ƙulli 20 ne a ciki. Wanda kunka ga an sake liƙe bakinsa, ku buɗe gaban direba. Buhun sukari da anka rubuta kilo 50, in ɗinkin bakinsa ya bambanta da na sauran, a ɗora shi kan sikeli.

Roƙona ga uwar ƙungiya, a naɗa mata biyu a Bodinga, biyu a Shagari, masu karɓar kaya, a ba kowane wuri littafi da biro. Kowa ta ƙirga nata daban, sannan a haɗa.