Bidiyon Albasa da Lambar da Ba Ta Shiga

A Kulungugu, garin da ke bakin iyakar Ghana da Burkina Faso, mai albasa kan ɗauki bidiyon buhunansa ya watsa a WhatsApp, ya rufe da “a tuntuɓe mu”. Nan cinikin ke lalacewa, domin mai kallo a Salaga ko Yendi bai san abin da zai rubuta ba.

Wanda ya iya talla yakan sa wa mai saye kalmomin a baki. Ya ce: “Alhaji, Hajiya, a rubuto ALBASA, da yawan buhu, da sunan gari.” Sannan ya faɗi kuɗin buhu a sidi, da sunan da zai fito a MoMo kafin a tura kuɗi, da ranar da mota za ta tashi daga Bawku. Lambar wayarsa kuma ta daɗe a kan allo, ya karanta ta sau biyu.

Abin takaici, lambar ce ake yawan kuskurewa. Lambobin Ghana da sifili suke farawa, amma mai saye daga Bittou, a tsallaken iyaka, sai ya cire sifilin ya sa +233. Haka mahaɗin wa.me: 233 da lambobi tara, babu sifilin farko. In aka bar shi, hirar ba ta buɗewa.